Maki ya zo daidai: wa zai hau sama a teburin gasa?

Gardamar da ta fi zafi a fadojin Damagaram idan kakar ƙwallo ta zo ƙarshe ita ce ta ƙungiyoyi biyu masu maki ɗaya. Wani ya ce a duba ƙwallaye, wani ya ce a duba wanda ya doke wani. Kowannensu yana iya yin gaskiya, domin kowace gasa da tata doka.

Shi teburin ba wuya. A wayoyinmu yakan zo da haruffan Faransanci: J wasannin da aka buga, G nasara, N kunnen doki, P shan kashi, sai Diff da Pts, wato maki. Nasara maki 3 ce, kunnen doki 1, wanda aka doke ya tashi hannu banza. Diff kuwa ƙwallayen da ƙungiya ta zura ne, a cire waɗanda aka zura mata.

A ɗauki gasar Sifen ta 2006/2007. Real Madrid ta ci wasa 23, ta yi kunnen doki 7, aka doke ta sau 8. A ninka 23 sau 3, a ƙara 7, maki 76 ke nan. Barcelona ta ci 22, ta yi kunnen doki 10, ita ma 76. Amma Barcelona ta zura ƙwallo 78 aka zura mata 33, rararta 45, ta Madrid kuwa 26 kacal. Da a Ingila ne, inda ake fara duba bambancin ƙwallaye, kofi na Barcelona ne. Da wannan dokar Manchester City ta ɗauki kofin Ingila a 2012, lokacin da ita da Manchester United ke da maki 89 kowacce. Sifen kuwa tana fara duba karawar da su biyun suka yi da juna. Madrid ta ci 2-0 a gidanta, suka tashi 3-3 a Barcelona, sai kofi ya tafi Madrid.

Ni na fi son tsarin Sifen, don bai kamata ruwan ƙwallayen da aka yi wa ƙungiya mai rauni ya fi doke kishiya ido da ido daraja ba. Sai dai yana da iyaka: hukuncinsa ba ya cika sai an buga wasan gida da na waje.

A nan ne gasannin hutu na unguwanni, daga Birni har Zango, suke samun cikas. Ana zana teburi a kan kwali, amma ba a rubuta abin da za a fara dubawa ba sai an yi canjaras. Masu shirya gasa su rubuta jerin tun kafin alƙali ya busa usur na farko, shugabannin ƙungiyoyi su sa hannu. Su kuma faɗi ƙwallo nawa za a ba wanda abokin karawarsa bai zo fili ba, domin waɗannan ma suna shiga lissafin rara.