Waiwaye: Abin da ya tsayar da nukiliya tun kafin haɗurra

Shugaban zama, alƙalai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Kafin mu yanke hukunci kan ko nukiliya za ta gaji kwal da mai da gas, bari mu ga inda aka faro, domin gardamar nan ta girmi iyayen wasunmu.

A 1954 tashar nukiliya ta Obninsk a Tarayyar Sobiyet ta fara ba da wutar lantarki, Calder Hall ta Birtaniya ta biyo baya a 1956. Sauran labarin kowa ya haddace: Three Mile Island a 1979, Chernobyl a 1986, Fukushima a 2011. Abokan karawata za su ce tsoron waɗannan haɗurra ne ya taka wa nukiliya birki.

Ni kuwa ina so mu tsaya a 1973, shekarar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. Hankali zai ce kakar nukiliya ta yanke saƙa ke nan. A Amurka akasin haka aka gani. Kafin lokacin, buƙatar wuta tana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa duk shekara goma, kuma da wannan lissafi aka yi odar tashoshi. Da tsada ta shigo, jama'a suka rage amfani da wuta, kuɗin ruwa kuma ya hau. Aka fara soke oda tun shekaru kafin a ji sunan Three Mile Island.

Me ya sa kuɗin ruwa ya fi cizon nukiliya? Tashar gas tana da arhar gini, tsadarta tana wajen makamashin da take ƙonawa kullum. Ita nukiliya mafi yawan kuɗinta a gini yake, tun ba ta sayar da wutar ko sisi ba. A ce ka ranci biliyan 1 da ruwa kashi 10 cikin ɗari. In ka gama a shekara 5, bashin ya zama biliyan 1.6. In aikin ya ja zuwa shekara 12, ya haura biliyan 3, alhali tashar ita ce dai, ko ƙusa ɗaya ba a ƙara mata ba.

Faransa, wadda rikicin man nan bai bari ba ita ma, ta bi wata hanyar a 1974. Ta zaɓi nau'in tukunyar nukiliya ɗaya mai aiki da ruwa a matse, ta yi ta maimaita shi, ma'aikatan da suka gama wannan su wuce waccan da gwanintarsu. Yau kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake fitowa.

Saboda haka duk wanda ya miƙe bayana ya ce a maye gurbin kwal da nukiliya, ko ya ce kada a yi, ina roƙon alƙalai su tambaye shi shekara nawa ginin zai ɗauka, kuma a kan wane kuɗin ruwa. Na gode.