Takardar cikin kwalin magani ba ta wanke hannun kamfani ba ce

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo, wai doguwar takardar da ake naɗewa cikin kwalin magani dabara ce ta kamfani: ya jero duk illolin duniya, in wani abu ya same ka ya ce ai ya gaya maka. Saboda wannan magana wasu kan wurgar da takardar, wasu kuma su karanta, tsoro ya kama su, su daina shan maganin. Duka biyun ba su fahimci abin da ya sa aka sa ta ba.

Mu ɗauki dokar Tarayyar Turai mai lamba 2001/83/EC, don tana cikin waɗanda suka fi fayyace batun. Ta shafi duk kamfanin da ke da lasisin sayar da maganin ɗan Adam a ƙasashen tarayyar. Sashe na 59 ya tsara abin da za a rubuta da yadda zai biyo juna, daga amfanin maganin har zuwa yadda ake ajiye shi. Gyaran 2004 ya ƙara sharaɗi mai nauyi: sai an gwada takardar a kan irin mutanen da za su sha maganin.

Ga yadda gwajin yake bisa jagorar da hukumar tarayyar ta fitar a 2009. Bayan ɗan gwajin share fage, ana samo mutum 20, goma a zagaye na farko, goma a na biyu. Ana miƙa wa kowa takardar a yi masa tambaya, a ga ko zai gano inda amsar take, sannan ya faɗe ta da bakinsa. Ana so kashi 90 cikin ɗari su gano wurin, kashi 90 na waɗanda suka gano su fahimta, wato aƙalla 16 cikin 20, kuma a kowace tambaya daban. Takardar ake jarrabawa, ba mai karatun ba.

A ce farasitamol ce mai miligiram 500, daftarin ya ce babba ya sha "giram 1 sau huɗu a rana". Mai bitar daftarin takardar zai tsaya nan. Wanda zazzaɓi ke kaɗawa ba zai zauna lissafin ƙwaya nawa ke cikin giram ba, kuma "sau huɗu" bai hana shi shanye su tsakanin safe da azahar ba. Sai a mayar da shi: ƙwaya biyu, a bar aƙalla awa 4 kafin a sake, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Sai gargaɗi. Farasitamol da ta yi yawa tana lalata hanta ne a ɓoye, mutum na iya yini guda garau kafin alama ta fito. Don haka dole takardar ta ce a nemi likita nan take ko da ba a jin komai. In aka tambayi mutum 20 me za su yi in sun zarce ƙima, biyar suka ce za su jira su ga yadda jiki zai yi, takardar ta faɗi jarrabawar, sai an sake rubuta wurin.

Jerin illolin da ke firgita mutane shi ma yana da ma'auni. Illar da aka ce tana yawan faruwa sosai ita ce mai samun fiye da mutum 1 cikin 10. Wadda aka ce da wuya ƙwarai ba ta wuce 1 cikin 10,000. Mai yaɗa jita-jita yakan karanto sunan illar ya tsallake adadin. Mai bita kuwa abin da yake nema shi ne a ciro alamomin gaggawa, irin su kumburin fuska ko maƙogwaro da sarƙewar numfashi, a sa su a sama tare da abin yi: a daina sha, a garzaya asibiti.

Hukunci fa? Sashe na 64 ya ce in takardar ta saɓa ƙa'ida, aka gargaɗi kamfanin bai gyara ba, hukuma na iya dakatar da lasisin maganin har sai ya gyara. Ba tara aka ambata nan ba, hana ciniki ne, kuma shi ya fi yi wa kamfani ciwo.

Inda nake ganin an gaza shi ne waɗanda ake gwadawa. Ma'aunin na masu iya karatu ne, kuma gwaji a harshe ɗaya ya wadatar, sauran harsunan fassara ce kawai. Tsohuwar da jikanta ke karanta mata takardar ba ta cikin mutum 20 ɗin nan, alhali ita ce mai shan magani kala biyar a rana.