Kwatanta kasafi da kuɗin da aka kashe a aikin tallafi, da lissafin saurin kashe kuɗi

Kwatanta kasafi da kuɗin da aka kashe wani bincike ne da ƙungiyar da ta karɓi tallafi take yi a ƙarshen kowane wata ko kowane wata uku, inda take jera abin da aka tsara za a kashe a kowane layin kasafi kusa da abin da aka kashe da gaske, ta fitar da tazarar da ke tsakaninsu. Layin kasafi shi ne kowane rukunin kashe kuɗi da aka ware wa adadinsa a yarjejeniyar tallafi, kamar albashi, tafiye-tafiye, horaswa, kayan aiki ko hayar ofis. Saurin kashe kuɗi kuwa shi ne ma'aunin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na kasafin ya tafi zuwa yau, ko kuma nawa ake kashewa a wata. Akanta ne ke haɗa alƙaluman, amma shugaban aikin ne ke da alhakin bayaninsu, domin shi ya san abin da ya faru a fili.

Yadda ake lissafin

Ana buƙatar abu uku a kowane layi: kasafin layin gaba ɗaya, kason da aka tsara kashewa daga farkon aiki zuwa yau, da abin da littafin asusu ya nuna an kashe. Tazara ita ce abin da aka tsara a ɗebe abin da aka kashe. Idan ta fito da ragowa, an kashe ƙasa da tsari. Idan ta faɗa ƙasa da sifiri, an zarce. Saurin kashe kuɗi kuma ana samunsa ne ta raba abin da aka kashe da kasafin layin, a ninka da 100. A jadawalin Excel, idan kasafi yana ginshiƙin B, tsari zuwa yau yana C, abin da aka kashe yana D, lissafin layi na 2 zai kasance haka, sai a mayar da na biyun zuwa kashi cikin ɗari:

```
=C2-D2
=IF(B2=0,"",D2/B2)
```

Adadin da ya fito ba ya nuna komai shi kaɗai sai an ɗora shi a kan lokacin da ya wuce. Kashi 40 cikin ɗari a wata na biyar na aikin shekara guda daidai ne, amma a wata na goma alama ce ta matsala babba.

Misali daga aikin gyaran rijiyoyi

A ɗauka wata ƙungiya ta samu tallafin naira miliyan 60 don gyara rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, daga Janairu zuwa Disamba. Ga yadda lissafinta yake a ƙarshen Yuni, da miliyoyin naira:

| Layi | Kasafi | Tsari zuwa Yuni | An kashe | Tazara | Sauri |
|---|---|---|---|---|---|
| Albashi | 18 | 9 | 8.1 | 0.9 | 45% |
| Gyaran rijiyoyi | 24 | 16 | 6 | 10 | 25% |
| Horaswa | 6 | 2 | 2.4 | -0.4 | 40% |
| Tafiye-tafiye da mai | 6 | 3 | 5.1 | -2.1 | 85% |
| Haya da ofis | 6 | 4 | 4.2 | -0.2 | 70% |
| Jimla | 60 | 34 | 25.8 | 8.2 | 43% |

Wanda ya tsaya a layin jimla zai ce rabin shekara ta wuce, an kashe kashi 43, ba laifi. Wannan karatu ne mai haɗari, kuma akan yi shi a tarurrukan shugabannin ƙungiyoyi. Jimlar ta ɓoye layi biyu da suka kauce ta fuskoki mabambanta, ragowar ɗaya ta rufe zarcewar ɗaya. Ban da haka, tsarin aikin ya tanadi kashe miliyan 34 kafin Yuli, tun da an so a gama yawancin gyaran da rani kafin damina ta lalata hanyoyin ƙauye. Miliyan 25.8 kashi 76 ne kawai na wannan tsari.

Haya da ofis sun kai kashi 70, amma babu abin tsoro a nan. A Najeriya an saba biyan hayar shekara a dunƙule, don haka layin yana hawa tun watan farko sannan ya lafa, kuma tsarin ya riga ya yi hasashen hakan. Wannan shi ne dalilin da ya sa raba kasafi gida goma sha biyu daidai wa daida ba ya amfani sai ga layuka irin su albashi. Albashin ma, ragowar naira 900,000 tana da bayani mai sauƙi idan an ɗauki wani ma'aikaci a makare.

Layin tafiye-tafiye ne ke neman a tashi tsaye. An kashe miliyan 5.1 a wata shida, wato naira 850,000 a wata, saura 900,000 kacal. Idan aka ci gaba a haka, kuɗin zai ƙare a farkon Agusta, kuma zuwa Disamba layin zai kai miliyan 10.2, ya zarce kasafinsa da miliyan 4.2. Kafin a yanke hukunci sai an buɗe baucoci ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci farashi ne ya tashi, kamar yadda ya faru bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, inda lita ta ninka fiye da sau biyu cikin ’yan kwanaki, duk kasafin da aka rubuta kafin lokacin ya zama tsohon yayi. Wani lokaci kuma kuskuren lamba ne: an biya kuɗin motar mahalarta horaswa, ko an sayi man motar wani aikin daban, sai aka zuba a wannan layin. Na farko yana buƙatar gyaran kasafi, na biyu gyaran littafi kawai.

Abin da littafin asusu bai riga ya gani ba

Layin gyaran rijiyoyi ya fi kowanne ruɗarwa. Kashi 25 yana iya nufin aikin ya tsaya, yana kuma iya nufin an yi aikin amma ba a biya ba tukuna. A ce ɗan kwangila ya kammala gyare-gyare na miliyan 7, ya kawo takardar neman biya, tana jiran injiniya ya je ya duba ya sa hannu. Ƙungiyar da ke rubuta kuɗi sai ranar da ya fita daga banki ba za ta ga wannan miliyan 7 a littafinta ba, alhali bashi ne a wuyanta. Idan aka haɗa shi, layin ya koma miliyan 13, wato kashi 54 na kasafinsa, jimlar aikin kuma ta tashi daga kashi 43 zuwa kusan 55. Saboda haka jadawali mai kyau yana da ginshiƙi na musamman don alkawuran biya: kwangilolin da aka sa wa hannu, odar kaya da aka bayar, da ayyukan da aka karɓa ba a biya ba.

Akwai kuma akasin wannan. Ma'aikacin da aka ba naira 600,000 a hannu don shirya horaswa a ƙauye bai kashe ko kwabo ba a idon mai ba da tallafi, har sai ya dawo da rasidai da takardar sa hannun mahalarta. Idan aka rubuta kuɗin a matsayin an kashe tun ranar da aka miƙa masa, saurin zai kumbura, kuma odita zai cire shi daga baya. Haka abin yake da kuɗin da aka tura wa ƙaramar ƙungiyar da ake aiki tare da ita, kafin ta kawo nata rahoton.

Canjin kuɗi

Yawancin manyan tallafi da dala ko yuro ake rubuta kasafinsu, amma da kuɗin gida ake kashewa. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 a kasuwar hukuma. Albashin naira 500,000 ya kai dala 1,087 a farashin 460, amma dala 667 ne a farashin 750. Ma'aikacin yana nan, aikinsa bai ragu ba, sai dai saurin kashe kuɗi a rahoton dala ya faɗi warwas. Ƙungiyoyin Nijar masu tallafin yuro ba su da wannan damuwa, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Ƙa'ida ita ce a yi kwatancen da kuɗin da aka rubuta yarjejeniyar da shi, kuma a yi amfani da farashin canjin da yarjejeniyar ta ambata. Tarayyar Turai, alal misali, tana wallafa nata farashin kowane wata mai suna InforEuro.

Iyakar sauya kuɗi tsakanin layuka

Ganin ragowa a wani layi ba izini ba ne na ɗiba a cike wani. Kowane mai ba da tallafi yana da iyakarsa, kuma ma'aunin ya bambanta. Dokar tallafin gwamnatin Amurka, a sashe na 2 CFR 200.308, ta ba hukumar da ta bayar da kuɗin damar hana sauyi tsakanin rukunai ba tare da izininta ba, a manyan tallafi, idan jimlar sauye-sauyen ta haura kashi 10 na kasafin gaba ɗaya. A tallafin Tarayyar Turai na ayyukan ƙasashen waje kuwa, ana auna sauyin ne da babban rukunin da abin ya shafa: har zuwa kashi 25 na rukunin ana iya sauyawa a sanar da hukuma a rubuce, abin da ya wuce haka sai an gyara yarjejeniya.

Miliyan 4.2 ɗin da tafiye-tafiye za su zarce da shi kashi 7 ne na miliyan 60, don haka a ma'auni irin na farko bai kai iyaka ba, muddin babu wasu sauye-sauyen da za su taru a kai. A ma'auni irin na biyu kuwa kashi 70 ne na rukunin, ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Abin da aka kashe fiye da iyaka ba tare da izini ba ana iya ƙin amincewa da shi, ƙungiya ta biya daga aljihunta. Shi ya sa ake neman izinin tun a Yuli, da zarar hasashe ya nuna inda aka dosa, tun kuɗin bai fita ba.

Idan ragowa ce ta yi yawa, akan sake lissafin abin da ya wajaba a kashe a kowane watan da ya rage. A misalin nan, bisa littafin asusu, saura miliyan 34.2, wato miliyan 5.7 a wata, alhali an saba kashe 4.3, kuma watannin damina ne ke gaba. Idan aikin ba zai ƙare a kan lokaci ba, hanyar da ta dace ita ce neman ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ana nema ne kafin wa'adin ya cika. Ruguguwar sayen kwamfutoci da shirya tarurruka a watan ƙarshe don kawai kada kuɗi ya koma yana ɗaga alƙaluman, amma yana cikin abubuwan da odita ke fara dubawa, kuma ba ya ƙara wa ƙauye ko rijiya ɗaya. Don haka masu ba da tallafi suke ajiye rahoton kuɗi kusa da rahoton aiki: idan an kashe kashi 54 na kuɗin gyara, suna son ganin rijiyoyi nawa cikin waɗanda aka yi alkawari suke ba da ruwa.