Ma'anar "ninki biyu" a kuɗin aikin ranar hutu

Duk lokacin da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, Ministan Harkokin Cikin Gida kuma ya ayyana ranakun hutun Sallah, sai maganar "ninki biyu" ta cika gidajen rediyo da majalisun hira a Sakkwato. Za a ji mai kira a shirin safe yana cewa doka ta wajabta a biya ninki biyu ga duk wanda aka tsare a bakin aiki ranar hutu, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da cewa haka ne. Abin da ke damuna shi ne maganar tana da kuskure a wuri biyu, a wajen dokar da ake jingina mata da kuma a wajen lissafin kansa.

Dokar Ranakun Hutu ta 1979 ta lissafa ranakun ne, irin su Sallah ƙarama da babba da Mauludi da Kirsimeti da 1 ga Mayu da 1 ga Oktoba, ta kuma ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon ƙara wata rana. Ba ta yanka ko kwabo ga wanda ya yi aiki a cikinsu ba, hasali ma ta ba shugabannin ma'aikatun gwamnati damar kiran ma'aikaci ranar hutu idan buƙatar jama'a ta sa. Dokar Ƙwadago kuwa, a sashe na 13, cewa ta yi duk sa'o'in da suka haura lokacin aikin da aka saba sun zama obatayim, amma ba ta faɗi farashinsa ba. Saboda haka ninki biyun da ake ambato al'ada ce ta wuraren aiki, kuma yana zama haƙƙin da za a iya nema a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne idan yana rubuce a takardar ɗaukar aiki, ko a ƙa'idojin kamfani, ko a yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da masu ɗaukar aiki. Wasu wuraren ɗaya da rabi suke biya, wasu biyu, wasu kuma sai "sannu da aiki" da ƙullin naman Sallah.

Kalmar kanta tana da santsi. Idan tela ya ninke yadi sau ɗaya, fuska biyu yake samu, idan ya sake ninkewa ya samu huɗu, don haka tun a bakin Bahaushe "ninki biyu" bai tsaya a kan adadi guda ba. A maganar albashi santsin ya fi haka, domin mai albashin wata an riga an biya shi kuɗin ranar hutun a cikin albashinsa, ko ya fito ko ya kwana a gida.

Mu ɗauki misalin wani mai zuba mai a wani gidan mai da ke hanyar Gusau, wanda albashinsa naira 78,000 ne a wata, yana aiki kwana shida a mako, takardarsa kuma ta ce za a biya shi ninki biyu a ranar hutu. An ba da hutun Sallah kwana biyu, shi kuma ya wuni riƙe da kan famfo a duka biyun. Idan aka raba albashinsa da ranakun aiki 26, kuɗin wuninsa naira 3,000 ne. A fahimtar manaja, ninki biyu yana nufin wunin ya koma 6,000 gaba ɗaya, kuma tunda 3,000 tana cikin albashi, abin da ya rage a ƙara masa shi ne 3,000 a kowace rana, ya karɓi 84,000 a ƙarshen wata. A fahimtar ma'aikacin, 3,000 ta cikin albashi tasa ce ko da yana gida yana cin tuwon Sallah, saboda haka aikin da ya yi sai a biya shi 6,000 a kai a kowace rana, ya karɓi 90,000. Jimla ɗaya suka karanta, amma tsakaninsu akwai naira 6,000, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ni dai ina ganin fahimtar manaja ta fi kusa da abin da aka saba nufi, wato jimillar kuɗin wunin ta zama biyu, sai dai laifin na wanda ya rubuta takardar ne da bai ce "a kan albashi" ko "har da albashi" ba.

Akwai wata ɓaraka da ba a cika lura da ita ba, wato adadin da ake raba albashin da shi. Idan akawu ya raba 78,000 da kwana 30 maimakon 26, kuɗin wuni ya sauko zuwa 2,600, ƙarin kwana biyun ya zama 5,200, ma'aikacin ya tashi da 83,200. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: mutum ya cire albashinsa na yau da kullum daga abin da ya shigo masa, ya raba ragowar da yawan ranakun hutun da ya yi aiki, sannan, idan ninki biyu irin na manaja ake biya, ya duba ko ta yi daidai da albashi a raba da 26, ko da 22 ga mai aikin kwana biyar a mako.

Sai hutun ramuwa, wato a ba mutum wata rana ya huta a madadin wadda ya rasa. Inda dokar ta yi magana a fili a kan wannan shi ne hutun mako: a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun sa'o'i 24 a jere, idan kuma aka taɓa shi, to ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin obatayim. Wannan tanadi na hutun mako ne, ba na Sallah ba, amma yana shafar mai zuba man idan ɗaya daga ranakun Sallar ta faɗo a ranar da ya saba hutawa. A nan ba alfarma yake nema ba, dokar ce ta ba shi, domin aikinsa na hannu ne, yana cikin waɗanda Dokar Ƙwadago ke kira ma'aikaci. Manajansa kuwa, da yake aikin gudanarwa yake yi, dokar ta fitar da shi daga wannan suna, sai abin da takardarsa ta ce.

Wayon da aka fi yi da hutun ramuwa shi ne a ce wa mutum, "Malam, ai ka huta ranar Laraba, ita ce ramuwarka," alhali Larabar dama ita ce hutunsa na mako. Ramuwa ta gaskiya rana ce ta aiki da aka sauke masa ba tare da an zaftare albashinsa ba, kuma ba a cire ta daga hutunsa na shekara ba. Ko da an yi ta daidai, rana ɗaya a madadin rana ɗaya daidai take da ninki biyu irin na manaja, kuma Larabar tsakiyar wata ba ta da Idi, ba ta da hawan Sarki. Shi ya sa a yarjejeniyar da aka rubuta da kyau ake haɗa biyun, a ba da ranar ramuwa, a kuma ƙara rabin kuɗin wuni, wanda ga mai zuba man nan naira 1,500 ne a kowace ranar Sallah. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da batun hutu da kuɗin hutu, kuma a wannan takardar ce ya kamata a ga adadin da ake raba albashi da shi, da kuma ko ninkin a kan albashi yake ko har da shi.