BFS da DFS: wai bambancin kawai layi da sitak ne?

Kwanan nan duk wanda ya fara koyon kodin sai ka ji BFS da DFS a bakinsa, musamman masu shirin intabiyu, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suka haddace, wai ka ɗauko kod ɗin BFS ka cire layin jira, wato queue, ka sa sitak, shikenan ya zama DFS. Wannan maganar ce ke ban haushi, don rabinta ne gaskiya, kuma ɗaya rabin shi ke kada mutane.

BFS, wato breadth-first search, da DFS, wato depth-first search, dabaru ne na bin giraf, tarin ɗigogi da ake kira nod waɗanda hanyoyi suka haɗa. BFS na bin giraf zagaye-zagaye, sai ya gama da na kusa ya matsa gaba, DFS kuwa hanya ɗaya yake kamawa ya nutsa sai ta ƙare masa ya juyo. A layi wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Sitak kuma kamar tarin faranti ne, na saman da aka ajiye a ƙarshe shi ake fara ɗauka.

Ɗauko biro da takarda. Nod biyar ne, hanyoyi biyar: A-B, A-C, A-D, B-D, B-E. Daga A za mu tashi, maƙwabta kuma a jerin haruffa za mu riƙa zuba su.

A BFS, da zarar nod ya shiga layi ake sa masa alamar an gan shi. Ka fitar da A, B da C da D su shiga. Ka fitar da B, maƙwabtansa A da D duk suna da alama, E ne kaɗai sabo, ya bi bayan layi, ya zama C, D, E. Daga nan ba wani sabo kuma. Jerin ya fito A B C D E, kuma an kai E da taku biyu ta hanyar B, wanda shi ne mafi gajarta. Dama aikinsa kenan tun 1959 da Edward F. Moore ya wallafa shi don nemo gajeriyar hanya a cikin ruɗaɗɗun lunguna, amma fa taku yake ƙirgawa, in hanyoyin na da tsawo daban-daban wannan aikin wata dabarar ce daban mai suna Dijkstra.

To yanzu mu yi abin da suke cewa, mu maida `popleft()` mai ɗauko na gaban layi ya koma `pop()` mai ɗauko na ƙarshe, ba mu taɓa komai ba. A ya fita, B, C, D sun hau sitak kowa da alamarsa, D ne a sama. D ya fita, ya duba B ya ga alama sai ya ƙyale shi. C ya fita, sannan B, sannan E. Jerin: A D C B E.

Dubi abin da ya faru a D da kyau. Muna tsaye a kansa, ga B nan maƙwabcinsa ƙafarmu ba ta taka shi ba tukuna, amma muka yi tsalle zuwa C wanda ko hanya babu tsakaninsa da D. Ina nutsawar take a nan? Ni dai ba zan kira wannan DFS ba ko da kod ɗin bai yi kuka ba.

Gyaran shi ne a jinkirta alamar sai nod ya fito daga sitak, in an tarar yana da ita a tsallake shi. Ga abin da ke cikin sitak bayan kowane mataki, na dama shi ne a sama:

```
pop A   [B, C, D]
pop D   [B, C, B]
pop B   [B, C, E]
pop E   [B, C]
pop C   [B]
pop B   []
```

Ka ga B ya hau sau biyu, na ƙasan da ya rage tsallake shi aka yi. Jerin ya zama A D B E C, an nutsa daga A har E kafin a waiwayi C. Farashinsa shi ne sitak ɗin na iya kumbura ya kai kusan yawan hanyoyin giraf ɗin maimakon yawan nod. Sannan lura da yadda aka kai E, ta D da B, taku uku, alhali ga ta biyu can, shi ya sa ba a neman gajeriyar hanya da DFS.

In abin da kake so kawai ka san ko daga A ana iya kaiwa E, BFS da jabun DFS da na ainihin duk za su ba ka amsa daidai, kuma wannan ne ya sa kuskuren ke daɗewa a kod ɗin mutum bai sani ba. Sai ranar da ya zo aikin da ya dogara da wa ya haifi wa a bishiyar binciken, kamar gano gadar da in aka yanke ta giraf zai rabu biyu, lissafi ya ruɗe masa, don a jabun nan A ne uban B, a na ainihin kuwa D ne.