Takardar tayin farashi

Takardar tayin farashi, wadda 'yan kwangila ke kira kwateshan, rubutaccen bayani ne da mai aiki ko mai kaya yake miƙa wa mai saye kafin a ƙulla ciniki. Ta bambanta da kiyasi, wanda kan hau ya sauka. Ita kuwa, da zarar mai saye ya amince da ita cikin wa'adinta, farashi ya zauna.

Sashenta mafi nauyi shi ne bayanin aikin. A ɗauki kafintan da zai rufe gida mai ɗaki uku. Idan ya rubuta “rufin gida, naira miliyan 2” kawai, ya bar ƙofar rigima a buɗe, domin kwano iri-iri ne. Kamata ya yi ya faɗi irin kwanon da kaurinsa, misali alminiyom mai kaurin milimita 0.45, da yawan mitocin, da girman katako da adadinsa, sannan ya ware kuɗin aiki a layinsa daban. In ba a rubuta kauri ba, ana iya buga mai 0.35, mai gida kuma ba shi da hujjar ƙorafi.

Daga nan sai abin da ba ya cikin farashin. Mai gida yakan ɗauka silin da indararo duk rufi ne, kafinta kuma a wurinsa aiki ne dabam. Don haka a jera su da sunansu: silin, indararo, dakon kaya, cire tsohon rufi. Haraji ma nan ya shigo. A Najeriya harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wato naira 150,000 a kan miliyan 2, saboda haka dole a faɗi ko yana cikin jimlar ko ƙari ne.

Wa'adi kuwa a rubuta ranar ƙarewarsa ƙarara. “Kwana 14” shi kaɗai yana jawo musu: daga ranar rubutawa ne, ko daga ranar da takardar ta isa hannu? Gajeren wa'adi ya fi dacewa da kayan da farashinsu ke bin canjin dala, musamman tun da darajar naira ta faɗi a Yunin 2023.

Biyan kuɗi a ɗaure shi da matakin aiki da ido zai gani. A misalin nan, in miliyan 2 ce jimlar gaba ɗaya, kafin alƙalami kashi 60, wato naira miliyan 1.2 na sayen kaya. 600,000 idan katako ya tsaya. Ragowar 200,000 cikin kwana bakwai da miƙa aiki. A sa sunan asusun da za a tura kuɗin, a kuma rubuta cewa duk ƙarin aikin da ya taso daga baya sai an yi masa farashi a rubuce, ɓangarorin biyu sun sa hannu, kafin a buga ƙusa.