Sanarwar aikin farko a LinkedIn: me sabuwar famasist za ta rubuta?

Anti, na samu aikina na farko a wani kantin magani a Kano. Ina so in sanar a LinkedIn, in kuma gode wa waɗanda suka koyar da ni. Ta ina zan fara?

Barka, ƙanwata. Fara da faɗin matakin da kike a kai, don nan ne 'yan sana'a ke fara dubawa. Wadda aka rantsar bayan digiri rajistar wucin gadi ce a hannunta. Sai ta yi shekara guda ta horon sanin makamar aiki, ta ci jarrabawar PEP ta kafin rajista, sannan PCN, hukumar da ke kula da sana'ar famasist a Najeriya, ta ba ta cikakkiyar rajista. In horon kika fara, ki ce horo ne. In kin kammala, faɗi hakan. Mai ɗaukar aiki da ya ga kin ƙara wa miya gishiri tun a layin farko ba zai yarda da sauran ba.

Kuma layin farkon shi ne jarinki, domin LinkedIn na yanke rubutu bayan layi biyu ko uku, sai wanda ya latsa ya ga ragowar. Bayan Alhamdulillahi, sa muƙamin nan take, da wurin aikin in an ba ki izini.

Godiyar fa? Mutanen suna da yawa.

Zaɓi biyu ko uku, kowa da abin da ya koya miki. “Na gode wa dukkan malamaina” ba ta taɓa zuciyar kowa. Gwada wannan: “Shugabata a lokacin horo ta taɓa mayar da ni sau uku kan takardar maganin wani yaro, har sai da na tambayi nauyinsa kafin in lissafa adadin da zai sha. Tun daga ranar ban sake miƙa maganin yara ba tare da tambayar kilo ba.” Kin gode mata, kin kuma nuna kin iya aiki, ba tare da kin yabi kanki ba.

Kafin ki sa @ ki jawo sunanta, kira ta ki nemi izini. Wasu manyan ba sa son ganin sunansu a fili. Wanda ba ya LinkedIn kuwa, ki taka ki je ki gaishe shi. Ni dai har yanzu na fi ganin girman wannan.

Zan iya sa hoton lasisina?

A'a. Lambar rajistarki na jiki, kuma akwai masu neman lasisin famasist su jingina masa kantin da mai lasisin ba ta taɓa shiga ba. Hoto da farar riga ya isa. Duba bayanki kafin a ɗauka, kada takardar wani majiyyaci ko fuskarsa ta fito.

Sunan kantin fa?

Jira har takardar ɗaukar aiki ta shigo hannu, kin kuma fara zuwa. Sannan ki tambayi maigidan.